Hirar ban kwana da wurin aiki: inda ake yawan kuskure

Ma'aikaci ya miƙa takardar ajiye aiki, sai a kira shi a zauna a ji dalilinsa. Yawanci ana tashi ba a ƙaru da komai ba, kuma laifin na ɓangarorin biyu ne.

Mu ɗauki misalin wata ma'aikaciyar sashen kuɗi da ta yi shekara 3 a kamfani. An tambaye ta, "Me ya sa za ki tafi?" Ta ce ta samu inda albashi ya fi tsoka. Aka rubuta "albashi" a fom, aka yi mata fatan alheri. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Su biyar ne a sashen, biyu suka tafi, wata 8 ba a maye gurbinsu ba, duk ƙarshen wata sai ta kai tara na dare tana rufe lissafi. Albashin ya ja ta zuwa can ne kawai. Abin da ya ture ta daga nan daban ne.

Kuskuren mai tambaya ke nan. Tambayar da ta dace ita ce, "Yaushe kika fara neman wani aikin, kuma me ya faru a lokacin?" Wannan tana mayar da mutum ga wata rana takamaimai. Sai a bi ta da, "Da me muka canza da kin zauna?" da kuma, "Kin taɓa faɗa wa wani?" In ta ce ta faɗa wa ogansu har sau biyu, to kamfanin ya gano matsala ta biyu: koke yana maƙalewa a hanya.

Shi ya sa bai kamata ogan da take ƙarƙashinsa ya yi hirar ba. Wa zai kalli idon mutumin da zai rubuta masa takardar shaida ya ce kai ne matsalar? A bar wa jami'in kula da ma'aikata, ko wani babba daga wani sashe. Kada kuma a bari sai ranar ƙarshe, lokacin da hankali ke kan miƙa makulli da kwamfuta. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, minti talatin zuwa arba'in sun isa.

Shi kuwa mai tafiya, ko dai ya ce "babu komai, na gode", ko ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Na farkon ba laifi ba ne, domin a yawancin wurare hirar ba dole ba ce, kuma ba sai ka faɗi inda za ka koma ba. Amma in za ka yi magana, faɗi abin da ya faru, kada ka yanke wa mutum hukunci. "Oganmu ba ya da tausayi" zagi ne da za a share da cewa kana jin haushi. "Na nemi ƙarin mutum a rubuce a watan Maris da Yuni, ban samu amsa ba" magana ce da za a iya bincika. Zaɓi abu biyu ko uku, ka rubuta su tun a gida, ka haɗa da abu ɗaya da ke tafiya daidai don kada a rusa shi wajen gyara.

Kada ka ɗauka sirri ne. Tambayi tun farko wa zai karanta, kuma da sunanka ko babu. A sashe mai mutum uku, ko an cire suna kowa ya san mai maganar, don haka kamfanin ma ya daina alkawarin sirrin da ba zai iya riƙewa ba. In batun cin zarafi ne ko almundahana, kada ka bar shi a baki kawai. Shigar da shi a rubuce ta hanyar koke, ka riƙe kwafi. In an turo maka takarda ka sa hannu a wurin, nemi lokaci ka karanta.

Sai kuma makomar fom ɗin. Wasu su jefa shi a durowa, wasu su tayar da ƙura kan maganar mutum ɗaya. A tara amsoshin, duk wata uku a ware su bisa sashe, oga, da tsawon zaman ma'aikaci. Masu tafiya kafin su cika wata 6 galibi suna nuna cewa aikin da aka kwatanta musu ba shi suka tarar ba. In mutum uku daga sashe ɗaya suka ambaci daren rufe lissafi, a je a tambayi waɗanda suka rage tun kafin su ma su rubuta tasu takardar.