Yadda Ake Gano Ciko a Ƙarshen Ɗango, a Kuma Cire Shi

Bayan ambaliyar da ta shigo mana ƙauye a wajen Auyo, wani tsohon ɗalibina ya kawo mini waƙa 'yar ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a kowane baiti, baiti 22, mai amsa-amon "ya". Da ya rera a zaure bayan la'asar, kowa ya yaba. Da dare na ɗauki takardar na karanta ba rerawa, sai na tarar "kun jiya" ta rufe baiti huɗu, "gaskiya" uku, "duniya" biyu. Wannan shi ne ciko, wato kalmar da ba ta ɗauke da komai, an jefa ta ne kawai don amo ya faɗa daidai. Masu nazarin waƙar Larabci hashwu suke ce wa ciko. Ga yadda muka bi waƙar washegari.

Abu na farko, daina rerawa. Murya tana rufa wa ciko asiri, domin kunne yana jiran "ya" ɗin nan ta ƙarshe, da zarar ta zo sai ya gamsu, ba ya tambayar abin da ta kawo. Karanta baitin kamar kana ba maƙwabcinka labari a bakin kasuwa.

Daga nan ɗauki biro ka jera kalmomin ƙarshen baitoci a gefen takarda, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wadda ta maimaitu ka zagaye ta. A ƙa'idar ƙafiyar Larabci, wato amsa-amo, wadda rubutacciyar waƙarmu ta ɗebo abubuwa da yawa daga gare ta, aibi ne ka maimaita kalmar ƙafiya da ma'anarta ɗaya kafin baiti bakwai su wuce. Ko ba ka bin wannan ƙa'ida, jerin zai nuna maka inda kalmomi suka ƙare maka. Masu amon "ya" sukan fake da gaskiya, duniya, baki ɗaya da kun jiya. Masu amon "wa" kuma ɗan'uwa da kuwa ne mafakarsu.

Sai gwajin yatsa, wanda shi ne zuciyar aikin. Rufe kalmar da kake zargi da babban yatsa, ka karanta abin da ya rage. Ga baitinsa na biyu:

Ruwa ya taho tun dare bai raba,
Katangarmu ta faɗi, to kun jiya.

Na rufe "to kun jiya" na ce ya karanta. Ya karanta: katangarmu ta faɗi. Na ce, "Me aka rasa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ai amon ne." Na ce to shi ke nan, in amo kaɗai aka rasa, ciko ne.

A nan sai an yi hattara, don ba kowace "gaskiya" ce ciko ba. In ɗango ya ce wani ya ƙi faɗin gaskiya, ka rufe ta, jimla ta karye, saboda haka tana aiki, ka bar ta. Haka kiran jama'a a buɗe waƙa, ko a inda za a juya daga labari zuwa gargaɗi, yana da gurbinsa. Amshi ma maimaici ne da gangan. Wanda ake farauta shi ne wanda za ka iya ɗauke shi ka manna a kowane baiti na kowace waƙa ya zauna lafiya lau. "To kun jiya" za ta shiga waƙar biki, ta shiga ta siyasa, ta shiga ta ta'aziyya, babu inda za a kore ta.

Gano ciko ya fi cire shi sauƙi, saboda in ka cire ka bar rami, kari ya gurgunce. Don haka kafin ka nemi madadi, auna ramin. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, marar nauyi kuma mai gajeren wasali. Waƙar yaron a karin mutaƙarab take, gaɓa 11 a ɗango, ana tafiya marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu. "To kun jiya" gaɓa huɗu ce: nauyi, nauyi, sauƙi, nauyi. Duk abin da zai maye gurbinta dole ya zo da wannan awon, ya kuma ƙare da "ya".

Kada ka fara da laluben kalmomi masu "ya" a ka, hanyar da ta haifi cikon ke nan. Tambayi ɗangon abin da bai faɗa ba: ina, yaushe, kan me, wa ya gani? Na ce masa, "Da katangar ta faɗi, ina ta faɗa?" Ya ce, "Kan rijiyar gidanmu, Malam, kwana uku muna ɗebo ruwa a maƙwabta." Bai ma rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa.

Katangarmu ta faɗi kan rijiya.

Kan-ri-ji-ya: nauyi, nauyi, sauƙi, nauyi. Awo ɗaya, amo ɗaya, amma yanzu mai sauraro ya ga gida ya rasa katanga ya kuma rasa ruwan sha a gaɓa huɗu.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Baiti na gaba cewa ya yi:

Hatsi ya jiƙe can cikin rumbuna,
Awaki suna firgita, gaskiya.

Ramin a nan gaɓa uku ne, muka juya muka juya, babu abin da ya shige shi da ma'ana. In haka ta faru, kada ka tsaya lallaɓar ramin, rushe ɗangon gaba ɗaya ka sake gini daga ƙarshe. Nemo kalmar amo daga cikin labarin tukuna, sannan ka jawo sauran kalmomi su zo su same ta. Da na tambaye shi abin da suka yi da awakin, ya ce tsangayar ƙauyen a kan tudu take, can kowa ya kai dabbobinsa. Sai ɗangon ya koma:

Muna jan awaki zuwa tsangaya.

Na lura da "can" ɗin da ke ɗangon farko, ita ma cikon kari ce, amma gaɓa ɗaya ce a tsakiya, ba a kanta murya take sauka ba, sai na ƙyale masa ita. Ƙarshen baiti ne wurin da mai sauraro yake numfasawa, abin da ya ji a nan shi yake tafiya da shi gida, shi ya sa na fi tsananta masa a wurin.

Akwai kuma baitocin da, da muka rufe cikon, sai muka ga sauran ma maimaicin baitin baya ne da wasu kalmomi. Waɗannan ba gyara suke so ba, sokewa ake yi. Ya ɗan ɓata rai, don ya ƙudurta sai ya cika baiti 22. Muka soke shida, muka gyara biyar.

Da an gama sai a koma ga rerawa, don a tabbatar sabuwar kalma ba ta sa harshe tuntuɓe. Ya rera baiti 16 ɗin daga farko, ya tsaya a wuri guda inda "tsintsiya" ta zo masa da gaɓa fiye da gurbinta, muka rage kalma ɗaya a gabanta. "Kun jiya" guda ɗaya ta tsira, a baitin rufewa, inda da gaske jama'a yake wa magana.