Babi na Bakwai: Yadda Ake Sanyaya Rubutu Mai Zafi

Maganar da ake yi a teburin mai shayi a Agege daban take da takardar da za a miƙa wa malami ko wani kwamiti. A wurin shayi abokanka sun san ka, sun san abin da ya taɓa ka, in ka rantse za su yarda. Mai karanta rubutun ilimi bai san ka ba, wataƙila ma ra'ayinsa ya saɓa da naka, hujjarka kawai zai duba. A wannan babi za mu ɗauki batun hana acaba a Legas, mu ga yadda ake sauya masa murya. Ga irin abin da mai ɓacin rai kan rubuta:

"Wallahi zaluncin ya yi yawa! Gwamnatin Legas ta hana acaba ne kawai don ta kori Hausawa. Kowa ya san babu ɗan acaban da ke sata. Kullum sai an kwashe baburan talakawa an murƙushe, an bar mu da yunwa. Allah ya isa!"

Aikin farko mai sauƙi ne. A cire rantsuwa, da Allah ya isa, da alamar motsin rai. Waɗannan suna nuna yadda ran marubuci ya ɓaci, amma ba su gaya wa mai karatu abin da ya faru ba.

Daga nan sai a tambayi kowace jimla: wa ya yi, me ya yi, yaushe, a ina? "Ta hana acaba" magana ce a dunƙule, kuma wanda ya san batun zai iya kama ka a kanta, domin hanin bai zo lokaci guda ba. Dokar hanya ta 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta hana babura bin hanyoyi 475. A ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana sana'ar gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa. A ranar 1 ga Satumba ta ƙara huɗu: Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Goma ke nan cikin ƙananan hukumomi ashirin na jihar. Wanda ya rubuta haka ya nuna ya san abin da yake magana a kai, tun kafin ya faɗi ra'ayinsa.

Sai kalmomin nan uku, "kowa", "kullum" da "babu". Ku ja musu layi duk inda kuka gan su. Wanda ya ce babu ɗan acaban da ke sata, labarin mutum ɗaya da aka fizge wa waya a kan babur ya isa ya rushe masa magana. Abin da marubucin ke nufi ai shi ne, galibin masu sana'ar neman halalinsu suke yi, kuma bai kamata laifin wasu ya shafi kowa ba. To, hakan zai rubuta. Sai dai a kula, "galibi" ma da'awa ce. In ba ka da abin da za ka jingina ta da shi, ka ce "da yawa", ko ka faɗi iyakar saninka: "a cikin mahayan da na yi hira da su a Mile 12".

Jimla ta biyu ita ce mafi wuyar gyara, kuma a nan ɗalibai suka fi gardama. "Don ta kori Hausawa" magana ce a kan niyya, wato abin da ke cikin zuciyar masu mulki. Ba ka shiga zuciyarsu ba, kuma dalilan da suka bayyana a fili su ne yawan haɗari da aikata laifi da babura. Abin da ido ke iya gani shi ne sakamako. Mahaya da yawa a Legas 'yan Arewa ne, saboda haka hanin ya faɗa musu da nauyi. Wannan za ka iya tsayawa a kansa gaban kowa. Zargin kuma ba sai an jefar da shi ba, a mayar da shi bakin masu shi: "wasu daga cikin mahayan na kallon matakin a matsayin wariya." Yanzu rahoto kake bayarwa a kan abin da mutane ke ji, kuma gaskiya ne suna jin hakan. A ganina duk wanda ya iya raba niyya da sakamako ya ci rabin wannan darasi, domin irin wannan jimla ce ke sa mai karatu ya ajiye takarda ya ce ƙabilanci ne kawai.

Haka kalmar "zalunci" take. Hukunci ce, kuma alƙali ba ya yanke hukunci kafin ya saurari shaidu. Ka tambayi kanka mene ne ainihin abin da ka kira zalunci. Rasa jarin da aka sa a babur? Rashin wata sana'ar da za a koma? Ka ambaci abin da sunansa, ka bar mai karatu ya auna. Dole ne kuma ka kawo hujjar ɗaya ɓangaren yadda su da kansu za su yarda ka faɗe ta daidai, ba a lanƙwashe ba. Ga yadda sakin layin ya koma:

"A shekarar 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana sana'ar acaba a ƙananan hukumomi goma, tana mai kafa hujja da yawan haɗari da aikata laifi. Damuwar mazauna birnin a kan tsaro ba abin rainawa ba ce. Sai dai matakin ya shafi mahaya da yawa da ba a same su da laifi ba, cikinsu har da 'yan Arewa masu yawa, kuma wasu na kallonsa a matsayin wariya. Murƙushe baburan da aka kama na raba mai shi da jarinsa baki ɗaya. Wannan rubutu na ganin cewa rajista da sa ido sun fi hani na gaba ɗaya dacewa."

Ku lura, marubucin bai sauya sheƙa ba, har yanzu yana adawa da hanin. Na faɗi haka ne saboda akwai kuskuren da ke ɗaya gefen. Wani in an ce ya sanyaya, sai ya cika takarda da "wataƙila", "mai yiwuwa", "wasu na cewa", har a gama karantawa ba a san inda ya tsaya ba. Hanyar gane wannan ita ce ka ba wani ya karanta, ka tambaye shi matsayinka. In ya kasa faɗa cikin jimla ɗaya, ka sanyaya fiye da kima. "Wataƙila" na da wuri ne kawai a inda shakka take. Ranar da aka kafa doka ba ta buƙatarta.

Aikin gida: wani mazaunin Surulere ya rubuta, "Duk 'yan acaba ɓarayi ne, ba su san dokar hanya ba, gara a kore su kowa ya huta!" Ku gyara masa ta hanyar da muka bi, cikin jimloli huɗu ko biyar. Ku bar shi a kan goyon bayansa ga hanin, ko da ku ba ku yarda da shi ba, kuma ku sa masa jimla ɗaya da ke faɗin hujjar mahayan.