Darasi na Shida: Karanta Zanen Bango Daga Ƙasa Zuwa Rufi

Idan ka yanka kankana gida biyu, za ka ga ɓawo da tsoka da 'ya'ya. Haka wannan zane yake. Mai zane ya yanka bangon a takarda daga rufi har tushe, domin birkila da kafinta su ga abin da filasta za ta rufe. A ƙasan zanen za ka ga an rubuta 1:20. Ma'anarsa, milimita 1 a takarda milimita 20 ce a fili.

Mu fara daga ƙasa. Nemi layin da ke nuna doron ƙasar waje. Sama da shi akwai wani baƙin layi mai kauri da ya ratsa faɗin bulo. Shi magina ke kira difisi, wato shimfiɗar leda mai kauri ko ta kwalta da ke tare damshi. Bulo yana shan ruwa kamar lagwanin fitila. In babu abin da ya tare shi, damshi zai yi ta hawa, fenti ya ɓare, farin gishiri ya fito a gindin bango. Kewaya unguwannin Gombe a watan Agusta, za ka ga haka a gidaje da yawa.

Dole layin ya ɗara ƙasar waje da aƙalla milimita 150, wato inci 6, saboda tsartuwar ruwan sama. Ga inda ake yawan kuskure: an gama gini daidai, sai maigida ya cike tsakar gida da jar ƙasa har ta haura layin. Shi ke nan, ruwa ya sami hanya. Wannan yana ba ni takaici, domin gyaransa ya fi rigakafinsa tsada nesa ba kusa ba.

Duba kuma bakin kankaren daɓe. Ledar da ke ƙarƙashinsa sai ta naɗo ta haɗu da ta bango, ba giɓi.

Yanzu lintal, wato kankaren da ke kwance a saman ƙofa ko taga yana ɗauke da nauyin bulon da ke kansa. Ƙofa mai faɗin milimita 900 tana son lintal da ya hau bulo aƙalla milimita 150 ta kowane gefe, tsawonsa ya zama 1,200. In an taƙaita, tsaga za ta fito daga kusurwar ƙofa ta yi sama a karkace.

Can ƙoli akwai katakon da ke kwance a kan bango, wanda sauran katakan rufi ke hawa. Zanen zai nuna langalanga ko rodi da aka binne a kankare aka ɗaure katakon da shi. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi a iskar farkon damina. Tambayi kafinta ya nuna maka ɗaurin kafin a buga kwano.

Aikin gida: ɗauki awo ka auna daga ƙasar tsakar gidanka zuwa saman daɓen ɗakinka. Rubuta adadin, ka zo da shi aji.