Yadda za ka dawo da tashar da ta ɓace a risiba

In tasha ɗaya ta ɓace amma sauran na nunawa, kada ka taɓa dish, mai yiwuwa tashar ce ta sauya mita.

Da farko, nemi sabuwar mita, misali 11500 V 27500. Shiga Menu, sai Installation, sai TP List. Zaɓi tauraronka, danna Add, ka rubuta lambobin. Ka kula da harafin da ke tsakiyar lambobin, V ne ko H, nan mutane suka fi kuskure.

Yanzu dubi layin Quality. In ya hau, danna Search, ka zaɓi FTA kawai, wato tashoshin kyauta. In babu komai, sake duba lambobin.

Ba ka da lambobin? Yi Blind Scan, wato risiba ta nemo tashoshi da kanta. Yana ɗaukar mintuna, don haka ka tabbatar NEPA ba ta wasa, kada wuta ta ɗauke kafin ka danna OK ya adana.