Tashin Ciwon Sikila: Kurakuran da Ake Yi a Gida Kafin a Kai Asibiti

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje idan iskar da ke cikinsu ta ragu ko ruwan jiki ya yi ƙasa. Sai su cunkushe a ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa jini, zafi ya taso. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da wahalar jiki su ne suka fi jawo hakan, kuma yawancin kurakuran iyaye ƙara wa waɗannan ƙarfi suke yi.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 6, mai nauyin kilo 20, da ta tashi cikin dare a lokacin hunturu tana kukan ƙafa. Da yawa sukan ce bari gari ya waye. Jiran nan kuskure ne, domin zafin da aka bari ya yi nisa ya fi wuyar kwantarwa. Sai dai kafin a ba ta komai, a auna zafin jikinta da ma'auni, kada a dogara da bayan hannu. Farasitamol yana ɓoye zazzaɓi, kuma saifar mai sikila ba ta iya yaƙar ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Idan ma'aunin ya nuna digiri 38.5 ko fiye, maganar jinyar gida ta ƙare, sai asibiti a daren.

Idan babu zazzaɓi, a ba ta magani gwargwadon nauyinta. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, wato 300 a wajenta. A na ruwa mai miligiram 120 cikin mililita 5, hakan ya kama mililita 12.5, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Cokalin shayi guda da aka saba bayarwa bai kai rabin wannan ba, sai a ce maganin ba ya aiki. A auna da sirinji ko murfin kwalba mai lamba. Idan likitanta ya amince da ibufurofen, za a iya haɗawa da miligiram 200 duk awa 8 bayan ta ci abinci, amma ban da lokacin da take amai ko jikinta ya bushe, saboda ƙoda.

Batun ruwa ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa sosai, shi ya sa yaran nan ke yawan fitsari, wasu har da fitsarin kwance. Uwa ta gaji da wankin shimfiɗa, sai ta hana shan ruwa daga magariba, ba ta san ta share wa ciwon hanya ba. Haka kuma hasken fitsari ba ya nuna cewa ruwa ya wadata. Yarinya mai kilo 20 tana buƙatar kimanin lita 1.5 a rana, ledar ruwa uku ke nan ta rabin lita. Ranar da ciwon ya tashi a kai huɗu, kaɗan-kaɗan, har da kunu da romo, ba mai ƙanƙara ba.

Kada a ɗora ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi a wurin da ke ciwo, domin sanyi tsuke hanyoyin jini yake yi. Tawul mai ɗumi ya dace, a fara gwada shi a fatar hannu don gudun ƙuna, sannan a lulluɓe ta. Shafawa a hankali ba laifi. Amma matsa da ƙarfi, ƙaho da tsaga suna zubar da jinin da dama bai isa ba, kuma rauni a ƙwauri yakan zama gyambo mai wuyar warkewa. Jaririn da hannuwa ko ƙafafunsa suka kumbura ma ba targaɗe ba ne da za a kai wa maɗori; sau da yawa alamar farko ke nan ta sikila.

Kemis ma wurin kuskure ne. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ba ya gyara ƙarancin jinin sikila, domin fashewa ƙwayoyin ke yi, kuma ƙarfen yana taruwa a jikin wanda ake yawan ƙara wa jini. Allurar kashe zafi ta fentazosin da ake yi a shago a kai a kai tana lalata tsoka, tana kuma sa jiki ya saba da ita har ya kasa rabuwa da ita.

Akwai alamun da ba a jiran komai a kansu: ciwon ƙirji, tari ko numfashi sama-sama, karkacewar baki, sarƙewar magana ko mutuwar hannu ko ƙafa, kumburin ciki ta hagu tare da fari fat a tafin hannu da cikin ido, wanda ke nuna jini ya taru a saifa, sai miƙewar gaban yaro mai zafi da ta kai awa 2, abin da kunya kan sa yara su ɓoye, don haka a tambaya. Haka nan idan an yi awa 1 zuwa 2 da shan magani zafi bai sassauta ba, ko tana amayar da duk abin da ta sha. A tafi da katin asibitinta, da kwalaben magungunan, da takardar da aka rubuta lokacin da ta sha kowanne da adadinsa, a kuma rufe ta da mayafi mai kauri idan a babur za a je.