Yadda ake karanta wa mai rage sukari jadawalin bayan kwali da ya turo a hoto

Gwaggona ta dawo daga asibiti likita ya ce ta rage sukari, sai ta daina sayen lemon kwalba ta koma ruwan 'ya'yan itace na kwali. Wata rana bayan la'asar ta ɗauki hoton bayan kwalin ta turo mini a waya, ta ce: "Ɗan nan, duba mini wannan, babu laifi ko? Na ga an rubuta 10." Na duba, na ga 10 ɗin, na ce mata ai ba shi da yawa. Amsar nan kuskure ce, kuma sai da ta yi kusan mako biyu tana shan kofi guda na ruwan 'ya'yan itacen kullum da dare kafin na je gidan na riƙe kwalin da hannuna na gane. Abin da na koya daga nan shi nake bi yanzu duk lokacin da wani ya turo mini irin wannan hoton.

Da farko kada ka amsa komai sai ka tabbata hoton ya cika. Mutane sukan kusanto da waya daidai layin sukari, sai saman jadawalin ya fita daga hoton, alhali a saman nan ne aka rubuta ko lambobin na giram 100 ne ko na kason sha ɗaya. Ni ba na karanta hoton da babu kansa. Ka ce a sake ɗauka, a haɗa da sama da ƙasa, a kashe fitilar waya idan leda ce mai sheƙi, domin haske yakan cinye ɗigon da ke tsakanin lambobi, 4.5 ta koma 45. Ka kuma nemi hoto na biyu na gaban kwalin, inda aka rubuta yawan abin da ke ciki. Hoton biyu ba zai ci data ta kirki ba.

Idan hoton ya zo, ka nemi layin da aka rubuta "Serving size" ko "Per portion". A nan ne na faɗi, kuma a nan nake ganin kowa yana faɗuwa, don haka bari in zauna a kai.

Wannan layi yana faɗin awon da kamfanin ya yi lissafinsa a kai. Ba shawarar likita ba ce, kuma babu tabbacin ya yi daidai da abin da mutum yake sha a gidansa. A kwalin Gwaggo, wanda lita ɗaya ne, akwai sahun lambobi biyu daga sama zuwa ƙasa. Na farko an rubuta "Per 100 ml" a kansa, na biyu "Per 250 ml". Goman da ta gani tana sahun farko: giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Mililita 100 kuwa bai wuce kurɓa uku ko huɗu ba. A sahu na biyu, wanda hotonta ya yanke, an rubuta giram 25. Wato idan aka raba kwalin gida huɗu, kowane kaso yana da giram 25, kwalin gaba ɗaya giram 100.

Ko wannan 25 ɗin ma bai faɗi gaskiyar abin da ke shiga cikinta ba, domin Gwaggo ba da kofin kamfani take sha ba. Tana da wani babban kofin silba da take shan kunu da shi. Na ɗauko ledar fiya wata, wadda mililita 500 ce, na juye a kofin har inda ta saba cikawa, sai ya rage kamar kashi ɗaya cikin biyar a ledar. Kofin nata mililita 400 ke nan. Wannan ita ce hanyar awo mafi sauƙi da na sani, ba sai an sayi kofin awo ba, kuma ta waya ma za ka iya sa mutum ya yi ya faɗa maka abin da ya rage.

Lissafin daga nan ba wuya. Mililita 400 ɗari huɗu ne, kowace ɗari tana da giram 10, an sami giram 40. Shi ya sa na fi son a yi aiki da sahun 100 a bar sahun kaso, muddin an san awon kofin mutum ko nauyin abin da ya ci. Sahun 100 shi ne kuma kaɗai ake iya kwatanta kaya biyu da shi, tunda wani kamfanin kasonsa mililita 200 ne, wani 250, wani 330. Idan kwalba ce aka rubuta 50cl, ka ƙara sifiri ɗaya ka sami mililita 500, kuma kada ka yarda da cewa kaso biyu ne a ciki. Wanda ya buɗe kwalba shanyewa yake yi.

Kada ka tura wa mutum giram 40 ka yi shiru, ba zai ji nauyinsa ba. Ka raba da huɗu, domin ƙaramin cokalin shayi da aka share bakinsa yana ɗaukar kusan giram 4 na sukari. Giram 40 cokali goma ke nan. Da na faɗa wa Gwaggo haka sai ta ajiye kofin a tabarma ta ce: "Innalillahi, cokali goma? Ni da na hana kaina biyu a shayi?" Ta nuna mini gaban kwalin inda aka rubuta "No added sugar". Rubutun yana iya zama gaskiya, ba a zuba sukari ba, amma na 'ya'yan itacen yana nan, an matse shi an bar tuƙar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace da na zuma a rukuni ɗaya da wanda ake zubawa da cokali. Ta ce wannan rukuni kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a abincin yini, kuma in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban da ke cin kalori 2,000 a rana, wannan kusan giram 50 ne, ko 25 ga ƙaramin awon, wato wajen cokali 12 ko 6. Sukarin da ke cikin lemo ko mangwaron da aka ci da tsokarsa, da wanda ke cikin madara tun asali, ba su cikin wannan lissafi.

Sai maganar kaso cikin ɗari, wanda yake can gefen dama. A kwalin Gwaggo an rubuta 28% kusa da giram 25. Ta ɗauka kashi 28 na abin da ke cikin kwalin sukari ne, wasu kuma suna ɗauka tunda bai kai 50 ba to da sauƙi. Abin da lambar ke nufi shi ne kaso ɗaya ya cinye kashi 28 na wani awon yini da aka ƙiyasta wa babban mutum mai cin kalori 2,000. To amma wane awon? Dole ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙasan jadawalin. Kayan da suka bi tsarin Turai da Birtaniya, masu alamar "RI", suna auna dukkan sukari da giram 90 a yini. Giram 25 cikin 90 shi ya ba da 28. Kayan da suka bi tsarin Amurka, masu "% Daily Value", ba sa ba wa layin "Total Sugars" kaso cikin ɗari ko kaɗan. Layin da ke ƙasansa, "Added Sugars", shi suke aunawa, da giram 50. A wannan tsari kashi 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, kashi 20 zuwa sama da yawa ne.

Ka ga ke nan giram 25 ɗin da ya fito a 28% a kwalin nan, idan aka auna shi da giram 50 na Hukumar Lafiya, rabin na yini ne cif. Kofin Gwaggo mai giram 40 kuwa kashi 80 ne, tun ba a lissafa shayin safe da kunu ba. Saboda haka ni ga mai rage sukari rufe sahun kaso cikin ɗari nake yi da yatsa, in karanta giram. An yi sahun ne don mai lafiya wanda likita bai ce masa komai ba, kuma tsohuwar da ba ta fita aiki ba lallai ne ma tana buƙatar kalori 2,000 ba.

Idan kayan sun shigo ta Nijar ko Kamaru za ka ga Faransanci. "Glucides" shi ne layin sitaci da sukari a haɗe, "dont sucres" shi ne sukarin, kuma waƙafi suke sa wa a gurbin ɗigo, 10,5 na nufin goma da rabi.

Ga wanda aka tabbatar yana da ciwon sukari, kada ka tsaya a layin sukari. Ka hau layin da ke samansa, "Carbohydrate". Sukarin yana cikin wannan lambar, ba a tara su biyu. Biskit yana iya nuna sukari giram 3 amma wancan layin 20, kuma sitacin fulawa shi ma sukari yake komawa a jini. A biskit ɗin ma ka duba guda nawa ne kaso, sau da yawa biyu ne ko uku, ledar kuwa tana da goma. Mai allurar insulin ko ƙwayoyin rage sukari likitansa ne zai faɗa masa giram nawa a kowane ci, kai karatu kawai ka yi masa.

Jerin kayan haɗi kuma a kan nauyi ake tsara shi, na farko shi ya fi yawa. In ka ga "sugar", "glucose syrup", "fructose" ko "juice concentrate" a cikin ukun farko, ka faɗa masa. Ga awon da Birtaniya ke amfani da shi don hukunci cikin sauri: abin sha da bai wuce giram 2.5 a mililita 100 ba kaɗan ne, sama da 11.25 da yawa ne. Abin ci kuwa giram 5 da 22.5 a kowane giram 100.

Amsar da za ka tura ta zama gajera, kuma in dattijo ne ka yi ta da murya. Wadda na tura wa Gwaggo daga baya don ta riƙa saurare ita ce: "Gwaggo, kofinki na silba idan ya cika da wannan, cokali goma ne na sukari. Rabinsa cokali biyar ne. In kina marmarin lemo, ki ɓare guda ki ci da tuƙarsa, kuma ranar komawa asibiti ki tafi da kwalin ki nuna wa likita."