Darasi na 9: Daga hoton bil ɗin wuta zuwa littafin biya

A gidajen haya da yawa mita ɗaya ake tarayya a kai. Idan bil ya zo, wanda ya tarar da shi a ƙofa sai ya ɗauki hotonsa ya tura wa sauran. Takardar kanta kuwa, kafin mako ya zagayo an ƙunshe ƙosai da ita. Saboda haka yau za mu koyi ciro abu uku daga hoton, mu zuba su a littafi: lambar asusu, watan da bil ɗin yake magana a kai, da kuɗin da ake bin gidan. Wannan darasi na masu karɓar bil ne a ƙarshen wata. Masu mitar kati nasu lissafin daban ne.

Ku fara duba hoton kansa. Ku sa yatsu biyu ku buɗa shi har lambobin su yi girma. Idan suka dagule kamar an yayyafa musu ruwa, kada ku yi canke, ku ce a sake ɗauka. A shimfiɗe takardar a kan tabarma ko tebur, a inuwa mai haske, a kashe fitilar waya, kusurwoyi huɗu duk su fito. Layin ninki shi ne babban maci amana, don a kansa 8 kan koma 3, 6 ta koma 5, 7 ta koma 1. WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto, sai dai in an tura shi ta Document.

Yanzu ku ɗauko littafi da rula. Ku buɗe shafi biyu masu kallon juna, ku ja gida shida: lambar asusu, watan bil, kuɗin da ake bi, abin da aka biya, ranar biya, ragowa. Gida uku na farko daga hoto za a cike su, uku na ƙarshe kuma daga rasit.

Kowane ɗaya daga cikin abu ukun nan yana da maƙwabci mai kama da shi a jikin bil, kuma a nan ake yin tuntuɓe. Tsarin takardar ya ɗan bambanta tsakanin kamfanoni (mai zama Kano KEDCO ke ba shi bil, mai zama Sakkwato kuwa kamfanin Kaduna ne, ko da yake har yau duk NEPA muke ce musu), don haka kada ku haddace wuri. Ku nemi kalmar da ke gefen lambar.

Lambar asusu tana sama, kusa da suna da adireshi, inda aka rubuta Account No. Maƙwabciyarta ita ce Meter No, wato lambar mita. Mita tana iya ƙonewa a sauya ta, lambarta ta tafi da ita, amma asusun gidan yana nan. A misalinmu na koyo lambar ita ce 04/21/07/0568-01. Ku kwafe ta gutsure-gutsure: 04, sanda, 21, sanda, haka har ƙarshe. Kada ku yar da sifilin farko don ganin ba ya ƙara komai. A kuɗi ne ba ya ƙara komai. A nan harafi ne a cikin suna. In kun gama, mutum ɗaya ya karanta daga hoto da ƙarfi, ɗaya ya bi littafi da yatsa, sannan ku sake karantawa daga ƙarshe zuwa farko. Mai rubutawa a Excel ya sa alamar ' kafin lambar, in ba haka ba, idan zallar lambobi ce, sifilin farko zai ɓace.

Sai watan bil. Ranaku sukan kai uku a takarda ɗaya: watan da aka sha wutar, ranar da aka buga bil, da ranar ƙarshe ta biya, wadda ake rubuta wa Due Date. Na farkon muke so, kuma za ku gan shi kusa da kalma irin Bill Month ko Billing Period. Bil ɗinmu ya iso a Afrilu, amma wutar Maris 2025 yake nema. Don haka "Maris 2025" za ku rubuta, da haruffa, tare da shekara. Idan kuka ga 03/04/2025, rana ce a gaba, wata a tsakiya: 3 ga Afrilu ke nan.

Wata ɗalibarmu ta taɓa rubuta watan da bil ya shigo hannunta. Da wani bil ya makara, sai ga Yuli sau biyu a littafinta, Yuni babu. Har ta yi wa mai gida tsiya cewa ya karɓi kuɗin wata ɗaya sau biyu, alhali bawan Allah bai ci mata ko kwabo ba.

Na uku shi ya fi buƙatar natsuwa. Ga abin da ke ƙasan bil ɗinmu:

```
Previous Balance   18,400.00
Payments           10,000.00
Net Arrears         8,400.00
Current Charges    12,000.00
VAT                   900.00
Total Due          21,300.00
```

Mu bi shi a hankali. A bil ɗin baya ana bin gidan naira 18,400. An biya 10,000, saura 8,400, shi ne tsohon bashi. Wutar da aka sha a Maris ta kama 12,000, aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 900. Ku tara 8,400 da 12,000 da 900, za ku sami 21,300. Wannan ne zai shiga gida na uku. Wanda ya kwafi 12,000 ya ɗauki maƙwabci, ya bar bashi yana kwana.

Wannan tarawar ita ce ma'auninku. Idan abin da kuka samu bai yi daidai da Total Due ba, to akwai lambar da kuka karanta ba daidai ba, ko kuma akwai wani layi da kuka tsallake. Ku koma ku buɗa hoton. Ku lura kuma da ɗigo: sifili biyu da ke bayansa kwabo ne. Mai haɗa su da sauran zai ga ana binsa sama da naira miliyan biyu, ya kasa barci a banza.

Saura wani abu da ke yawan haddasa rigima. A ce ranar 5 ga Afrilu an biya 5,000, alhali bil an buga shi tun ranar 3. Ba yadda za a yi kuɗin nan su fito a cikinsa. Kada ku gyara lambar bil don haka. Ku rubuta 21,300 yadda take, a gidan biya ku sa 5,000, a gidan rana 5 ga Afrilu, ragowa 16,300. Ku adana rasit, ku ɗauki hotonsa ma, don rubutun takardar POS yana gogewa. Idan bil na gaba ya zo, ku duba layin Payments. In 5,000 ɗin ba su bayyana ba, ku fara gwada lambar asusun da ke jikin rasit da ta littafinku, sannan ku ɗauki duka biyun ku tafi ofis.

Aikin gida: kowa ya nemo hoton bil ɗin gidansu ko na maƙwabci, da izininsa, ya cike gida uku na farko. A bayan shafi ya rubuta tarawar da ta kai shi ga Total Due. Ku zo da waya da caji ranar darasi, za ku yi musayar littafi biyu-biyu kowa ya duba na ɗan'uwansa.